Mudun Da Muka Auna Matasan Gumel Da Shi

A hunturun da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023, wasu 'yan asalin masarautar Gumel da ke aiki a birane suka haɗa kuɗi don tallafa wa matasa uku da jari, kowanne naira miliyan ɗaya. Da yake sun san abin da rabon kuɗi ke jawowa tsakanin dangi, sai suka ce a yi gasa. Duk matashin da ya fito daga Gumel ko Maigatari ko Gagarawa ko Sule Tankarkar ya rubuto tsarin sana'ar da yake so ya yi, alƙalai biyar su duba. Ina cikin biyar ɗin, saboda na daɗe ina koyar da lissafin kasuwanci, kuma ina ɗan taɓa kiwo a gida. Har yau akwai abubuwa biyu daga wannan aiki da ba su bar zuciyata ba, su ne dalilin wannan rubutu.

Takardar ma'aunin da aka ba mu ba ta da wani ruɗani a ido. Maki ɗari ne aka kasa gida biyar: sanin kasuwa 25, lissafi 30, gogewar mai sana'a 20, sanin haɗari 15, iya gabatarwa 10. An cire sunayen masu nema an maye su da lambobi. Shugabar alƙalai, wata Hajiya da ta yi ritaya daga aikin banki, ta ce kafin mu taɓa tarin takardun, mu ɗauki guda ɗaya kowa ya ba ta maki shi kaɗai, sannan mu kwatanta. Muka zaro tsarin wani saurayi da ke son fitar da zoɓo ƙasashen waje, an buga shi da na'ura, an yi masa bango mai sheƙi. Da muka buɗe makinmu, mafi ƙanƙanta 48 ne, mafi girma 83. Mutum biyar, takarda ɗaya, ma'auni ɗaya, amma tazarar maki 35.

Wanda ya ba da 83 ya ce ai yaron ya san kasuwa, don ya faɗi cewa Jigawa na sahun gaba wajen noman zoɓo, kuma Meziko na cikin manyan masu sayensa. Duka gaskiya ne. Wanda ya ba da 48, ɗan kasuwar hatsi ne da bai yi zurfi a boko ba, ya yi tambaya ɗaya: buhun farko da yaron nan zai tsince, wa zai miƙa wa, a kan nawa? Muka sake bin shafukan, babu amsa. A nan muka gane cewa kalmomin “sanin kasuwa” suna ne kawai, kowa ya zuba musu ma'anar da ya ga dama. Mun yi zaton mudu ɗaya muke riƙe da shi, ashe kowa da nasa ya zo daga gida.

Muka ajiye takardun, muka shafe yinin nan muna rubuta abin da kowane mataki yake nufi. A ɓangaren kasuwa, wanda ya tsaya ga cewa “mutane na buƙata” ba zai wuce maki 8 ba. Wanda ya faɗi kasuwar da zai kai kaya da ranar cinta da farashin da ake yi, yana tsakanin 9 da 17. Sama da haka sai wanda ya riga ya sayar, ko yake da mai saye tabbatacce. A ɓangaren lissafi, wanda ya manta wani babban kashe kuɗi yana ƙasa da 11. Wanda ya ambaci komai amma farashinsa ba shi da tushe, ko bai san inda riba take ƙarewa faɗuwa ta soma ba, yana tsakanin 11 da 20. Daga 21 zuwa sama, sai wanda farashinsa ya fito daga kasuwa, a lokacin da zai yi sayayyar, kuma jimillar kuɗin ta yi daidai da jarin da zai samu. Muka kuma yarda cewa duk inda alƙalai biyu suka saɓa da fiye da maki 10, sai kowanne ya nuna layin da ya dogara da shi. Da muka sake auna tsarin zoɓon, dukkanmu muka faɗa tsakanin 50 da 58.

Tsari mai lamba 14 shi ne na farko a cikin abubuwa biyun da na ambata. Kiwon turke ne, sana'ar da kowa a yankinmu ya sani. Zai sayi raguna goma a karar Maigatari ranar Alhamis, kowanne naira 80,000, ya turke su kwana casa'in, ya sayar gab da Babbar Sallah a kan 150,000. Kuɗin sayen raguna 800,000. Abinci ya sa naira 150 a kullum ga kowane rago, wato 135,000 a kwana casa'in. Magani da rigakafi 20,000, mota da la'ada 30,000. Jimilla 985,000, ciniki 1,500,000, riba 515,000. Tarawa da ɗebewarsa babu kuskure, kuma jimillar ta shige cikin miliyan ɗaya kamar an auna.

Wannan shigewar ce ta sa na ƙara sa ido. Lissafin da ya tsaya daidai bakin kyauta sau da yawa daga kyautar aka soma shi aka komo baya. Na koma kan naira 150 ɗin nan. Farashin kaka ne, lokacin da harawa da kowar wake suke zube a gonaki, dusa kuma tana araha. To amma Babbar Sallah tana matsowa da kimanin kwana goma sha ɗaya kowace shekara, kuma a 2024 tsakiyar watan Yuni za ta faɗo. Idan ka ƙirgo kwana casa'in baya, tsakiyar Maris ke nan. Ragunan nan za su ci abincinsu ne a tsakiyar bazara, lokacin da daji ya ƙone ƙurmus, damin harawa ya zama abin a roƙa. Ni da ɗan kasuwar hatsin muka ƙiyasta cewa ragon da ake so ya yi ƙiba ba zai ci ƙasa da na naira 400 a rana ba a wannan lokaci. Abinci ya tashi daga 135,000 ya koma 360,000, jimilla ta zama 1,210,000, riba ta sauko 290,000.

Wani zai ce ai har yanzu riba ce. Haka ne, amma abu biyu sun biyo baya. Na farko, jarin miliyan ɗaya ne, aikin kuma na buƙatar miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu da goma. Bayan sayen raguna da magani da kuɗin mota da la'ada, abin da zai rage na abinci 150,000 ne, garken kuma na cin 4,000 a kullum. Kafin kwana arba'in kuɗin ya ƙare, saura kwana hamsin a yi Sallah. Duk mai kiwo ya san abin da ke faruwa a nan: ko a rage wa dabbobi abinci su tsaya cik, ko a kai biyu kasuwa a lokacin da ba a nemansu. Na biyu, bai bar wa mutuwa wuri ba. Ragunan da aka tattaro daga garke daban-daban a kara sukan zo da zawo ko majina, kuma cikin makonnin farko ake asara. Rago ɗaya ya mutu, riba ta koma 140,000. Biyu suka mutu, ciniki ya zama 1,200,000, ya soma cin uwar kuɗi. Ko babu wanda ya mutu, idan farashi ya sauko 121,000, wahalar wata uku ta tashi a banza. Wannan adadi na 121,000 shi ne muke nema mu gani a takardarsa, kuma babu shi.

A ɓangaren haɗari ya rubuta jimla ɗaya, cewa zai dogara ga Allah ya kuma kula da tsabta. Dogara ga Allah wajibi ne a kan kowa, shi ya sa ba ya bambanta mai nema da ɗan'uwansa a takardar maki. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, yana rubutun ne iyaka tana rufe. Da yawan dabbobin da ke cika karar Maigatari daga Nijar suke shigowa, farashinsu na bin sefa yana kuma bin halin da iyaka take ciki. Mutanen yankin sun ga rufewar da aka yi daga Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020, ga ta kuma an sake rufewa. Tsarin da zai sayi rago a Maigatari bai ambaci iyaka ba, ya bar babban rami. Na ba shi 12 a lissafi, 4 a haɗari.

Ranar da masu nema suka zo kare tsarinsu baki da baki, aka kira lamba 14, sai ga ɗan aminina ya shigo. Tare muka yi makaranta da mahaifinsa, ni na yi wa yaron huɗuba ranar da aka haife shi. Ya durƙusa ya ce, “Baba, ina wuni.” Na amsa, sannan na gaya wa Hajiya cewa ba zan saurare shi ba, na fita waje. Aka cire makina gaba ɗaya daga nasa, aka ɗauki matsakaicin na sauran huɗun: kasuwa 17, lissafi 12, gogewa 14, haɗari 4, gabatarwa 9, jimilla 56. Na ji sanyi da na ga su ma a nan suka sauka ba tare da ni ba. Ban ɓoye wa kaina ba cewa fitar alƙali ma tana da nata tasiri. Idan mai tsauri ne ya fita, yaro ya ci riba, idan mai sauƙi ne, ya yi asara. Matakan da muka rubuta a ranar farko su suka rage wannan giɓi.

Da dare mahaifinsa ya kira ni. Bai roƙe ni komai ba, ya fi ƙarfin haka. Cewa kawai ya yi, “Malam, ashe kana ciki.” Na ce ina ciki. Ya ce, “To, madalla.” Wanda ya san Bahaushe ya san nauyin da ke cikin wannan madalla. Bayan an faɗi sakamako, wata biyu ba mu yi magana ba.

Abu na biyu ya fi wannan ci mini rai, domin a nan ni ne na so a karya doka. Lamba 27 wata matashiya ce daga wani ƙauye a ƙasar Sule Tankarkar, mai matsar man gyaɗa da tuyar ƙuli-ƙuli. Tsarinta shafi biyu ne da rubutun hannu. Ranar karewa ta zo da ɗan littafin makaranta da ya sha mai, a ciki ta rubuta cinikin wata bakwai, mako-mako: kwanon gyaɗa nawa ta saya, kwalba nawa ta samu, wa ya karɓa, wa ake bi bashi. Da aka tambaye ta ina ribarta take, ta ce mai yana mayar mata da kuɗin gyaɗa, ƙuli-ƙulin shi ne nata. Ta san mata uku masu abinci da ke karɓar man duk mako. Abin da take so shi ne ta sayi gyaɗa da kaka ta ajiye, ta daina saye da tsada da bazara. Wato ta gane ainihin abin da ɗan aminina ya kasa ganewa. Ɗan kasuwar hatsin ya raɗa mini cewa da kuɗinsa ne, ita zai ba.

Amma ma'auni ya ce lissafi sai ya nuna inda jarin zai shiga gaba ɗaya. Ita ba ta rubuta yadda za ta kashe miliyan ɗaya ba, abin da ta lissafa bai kai rabi ba. Ba ta sa kuɗin itace ba, don daga na girkin gida take ɗiba, ba ta sa ladan ƙannenta biyu da ke taya ta ba. Ba ta faɗi yadda za ta kare gyaɗar daga ƙwari da danshi ba. Wajen magana kuwa kanta na sunkuye, sai an matso ake jin muryarta. Ta samu 21 a kasuwa, 15 a lissafi, 18 a gogewa, 9 a haɗari, 4 a gabatarwa. Jimilla 67. Wanda ya zo na uku yana da 69.

Na ce a sake duba makin gabatarwarta. Hujjata ita ce kunya tarbiyya ce a wurin 'yar ƙauye da aka zaunar gaban dattawa biyar, bai kamata a ci ta tara a kanta ba, kuma maganar da ta yi ko da a hankali ce ta fi ta kowa ma'ana. Hajiya ta bar ni na gama, sannan ta ce, “Malam, gaskiyarka ce. Amma yaushe ka ga wannan gaskiyar? Kafin a tara maki ko bayan ka ga saura biyu?” Na yi shiru. Ta ce idan za a sauya ma'anar gabatarwa, sai an sake auna kowa da sabuwar ma'anar, har da waɗanda suka riga suka tafi gida, kuma an sanar da matasan nan ma'aunin tun kafin su rubuta. Ta ƙara da cewa yaron da ke da 69 shi ma ɗan wani ne, sai dai ba shi da mai tausaya masa a teburin nan. Muka kaɗa ƙuri'a, uku suka ce a bar maki yadda yake. Ni da ɗan kasuwar hatsin muka sha kaye, muka sa hannu.

Na daɗe ina tambayar kaina ko takardar ta fi mu gani. Abin da aka sani game da wannan ba ya ba alƙali girman kai. A shekarar 2011 gwamnatin tarayya ta buɗe gasar YouWiN, inda kusan mutum 24,000 suka nema, aka ba 1,200 tallafin da ya kai har naira miliyan goma ga wasu. Fiye da 700 daga cikinsu da ƙuri'a aka zaɓo su daga rukunin waɗanda suka tsallake matakan farko, abin da ya ba masu bincike damar kwatanta wanda ya samu da wanda bai samu ba. David McKenzie na Bankin Duniya ya bi sawunsu shekaru, ya gano cewa kuɗin ya yi aiki: waɗanda suka samu sun fi kafa sana'a, sun fi ɗorewa, sun fi ɗaukar ma'aikata. Amma da shi da Dario Sansone suka duba makin da alƙalai suka ba tsare-tsaren, sai suka ga bai nuna wanda sana'arsa za ta rayu ko ta yi riba bayan shekara uku ba. Sauran hanyoyin hasashe da suka gwada su ma ba su taɓuka abin kirki ba.

Ya kamata a fahimci iyakar wannan bincike. An yi shi ne a kan waɗanda aka riga aka tace, don haka bai ce tacewar farko banza ce ba. Tsarin da kuɗinsa zai ƙare a kwana arba'in, ma'auni na iya kama shi, kuma ya kama. Abin da ba ya iyawa shi ne ya rantse cewa mai 69 ya fi mai 67. Tazarar maki biyu ba ta wuce bambancin alƙalin da ya ci abincin rana da wanda bai ci ba. Duk da haka ina ganin Hajiya ce ke da gaskiya a ranar. Idan ba mu san gobe ba, abin da ya rage a hannunmu shi ne mu yi wa kowa awo da mudun da muka nuna masa tun farko, mu kuma iya faɗa wa wanda ya faɗi dalilin faɗuwarsa layi-layi. A gari irin namu, inda alƙali da mai nema suke haɗuwa a masallaci da wurin ɗaurin aure, takardar nan ita ce kaɗai ta tsaya tsakanina da madallar aminina. Da na lanƙwasa ta saboda yarinyar da ban sani ba, ban san da bakin da zan ce ban lanƙwasa ta saboda ɗansa ba.

Gyaran da ya dace mun rubuta shi ne bayan an gama, don masu zuwa. Muka ba da shawarar a rage gabatarwa zuwa maki 5, a kuma fayyace cewa ingancin amsa ake aunawa, ban da ƙarfin murya. A karɓi littafin ciniki na gaske a matsayin hujjar lissafi. A bar mai nema ya faɗi adadin da sana'arsa za ta iya ɗauka, domin tilasta wa mai buƙatar dubu ɗari huɗu ta ƙirƙiro hanyar kashe miliyan koya mata ƙarya ne. A yarda a rubuto da Hausa, ko da boko ko da ajami. Ni kaɗai na ƙara da cewa idan tazarar da ke bakin layi ba ta wuce maki uku ba, a sanar tun farko cewa ƙuri'a za a jefa. Sauran suka ce mutanenmu ba za su karɓi wannan ba, za a ce an mayar da abin caca. Ba su gamsar da ni ba, ni ma ban gamsar da su ba.

Kowane mai nema mun ba shi kwafin makinsa da bayanin kowane gida. Yarinyar Sule Tankarkar ta karɓi nata ta tambayi ma'anar “ladan kai”, Hajiya ta zauna da ita kusan rabin awa suna cike shafi ɗaya na littafin nan mai maiƙo. Ɗan aminina kuwa sai bayan wata biyu ya zo gidana da takardarsa a ninke cikin aljihu. Ya ce babansa ne ya turo shi, wai in nuna masa inda 121,000 ɗin nan ta fito. Na sa aka kawo tabarma da biro. Ya ce yanzu raguna huɗu yake so ya turke da kuɗin da ya tara, kuma wannan karon da kaka zai sayi harawa. Na tambaye shi a ina zai ajiye ta, ya ce bai yi tunanin wannan ba tukuna, sai muka soma daga nan.